Allura da cin abinci ba sa kare ciki daga maganin kashe zafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in gyara wata magana da nake yawan ji a bakin masu ciwon gwiwa da baya. Wai in an sha daikulofenak ko ibufurofen bayan cin abinci, ko aka yi allurarsa, to an tsira daga gyambon ciki. Ba haka ba ne. Abinci yana rage ɗacin ƙirji, amma babbar ɓarnar ta cikin jini take bi.

Aikin waɗannan magunguna shi ne toshe wani sinadari mai suna COX, wanda ke haɗa furostagilandin. Masanin magunguna ɗan Birtaniya John Vane ne ya gano haka a 1971. Furostagilandin ɗin da ke kawo kumburi da raɗaɗi a gwiwa, 'yan'uwansa ne ke sa bangon ciki ya fitar da majinar da ke rufe shi, su rage ruwan tsami, su kuma kai masa jini. Magani kuwa bai san gwiwa daga ciki ba. Ko ta cinya ya shiga, sai ya bar bangon tsirara, tsami ya yi ta cinsa. Abin tsoron ma, da yawa ba sa jin komai sai sun ga bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta.

Ƙoda ce aka fi mantawa. Kawuna yana shan maganin hawan jini da na sa fitsari. Gudawa ta kama shi kwana biyu, bai kuma daina shan na gwiwarsa ba. A rana ta uku fitsarinsa bai cika ƙaramin kofi ba. Likita ya ce idan ruwa ya ragu a jiki, furostagilandin ne ke riƙe ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini matatar ƙoda a buɗe. Maganin ya janye wannan tallafi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Da aka tsayar da shi aka sa masa ruwa, ƙodar ta farfaɗo.

To, ina labarin irin su selekoksib, maganin kashe zafin da ake cewa ya fi sauƙi ga ciki? COX iri biyu ne. COX-1 shi ya fi tsaron ciki, COX-2 ya fi tashi wajen kumburi. Selekoksib na biyun yake nema, shi ya sa gyambo ya fi ƙaranci da shi, ko da yake haɗa shi da asfirin na cinye yawancin wannan riba. Amma ƙoda tana aiki da COX-2 ɗin, don haka kumburin ƙafa da hawan jini suna nan daram. Ga kuma daskarewar jini: a 2004 aka janye ɗan'uwansa rofekoksib daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko da selekoksib kawu yake sha a ranar gudawar nan, gadon asibitin dai zai hau.

Naka,
Wani mai bibiyar shafin lafiya