Rahoton Ayyukan Shekara: Sashen Kula da Saba

'Yan uwa, assalamu alaikum.

An yi tarukan wata-wata kamar kullum, da fuskokin da aka saba gani.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara mata, da muka yi bayan babbar sallah. Zaure ya cika, har da waɗanda rabonmu da su tun zaɓen shugabanni. Kowa aka sa ya buɗe kwafin ajiyar da sabarsa ta yi daren jiya ya duba girmansa. Nan aka ci karo da fayil mai bayit 20 kacal, alhali mai shi yana bugun ƙirji cewa aikinsa bai taɓa fashi ba.

Dalilin shi ne cron ba ya karanta saitin da mutum ke samu idan ya shiga da hannu. A yawancin sabobi PATH ɗinsa `/usr/bin:/bin` ne kawai, shi kuwa mysqldump ɗin wannan saba yana can wani wurin. Bai tashi ba, amma gzip ya matse babu ya rubuta fayil, ga suna ga kwanan wata. Ga layin bayan gyara:

```
0 1 * * * /usr/local/mysql/bin/mysqldump shago | gzip > /ajiya/shago-$(date +\%F).gz
```

A lura da `\` ɗin da ke gaban `%`. In babu shi, cron zai yanke umarnin daga nan, ko fayil ɗin ma ba za a samu ba. Sabar kuma tana kan agogon UTC, don haka ƙarfe 1 da aka rubuta ƙarfe 2 na dare ne a Najeriya. Kafin a tashi sai da kowa ya mayar da kwafinsa cikin rumbun gwaji ya ga bayanan da idonsa.

Sai batun sabar ofis da ake ta tambayata. E, har yanzu rahoton mako yana tsallakewa. Idan wuta ta ɗauke a lokacin da aka sa wa aikin, cron ba ya ramawa in ta dawo. Maganin sananne ne: a mayar da aikin kan mai ƙidayar lokaci na systemd a sa `Persistent=true`, da an kunna sai ya biya bashin. An rubuta saitin, amma ba mu yarda mu gwada shi a kan na'urar da ke mutuwa tsakiyar aiki ba. Batirin inbata ya gaji, kuɗin sabo kuma daga kuɗin ƙungiya zai fito, wanda akasarinku ba ku biya ba. Mutum biyu ne ke riƙe da wannan sashe, kuma su ma suna da aikin neman abinci.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro na gaba. Muna kuma neman mutum ɗaya da zai riƙa duba girman kwafin ajiya kowace Litinin.

Sakataren Sashe