A sake tara makin takarda kafin ya shiga bilta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da malaman kwaleji na nan Maraɗi kan ranar da ake maida wa yara takardunsu na dubwar ko kompozisiyo. Yaro ya kalli lambar da ke sama da jan biro, ya naɗe takarda ya cusa cikin jaka, shi ke nan. Alhali wannan lambar hannun mutum ne ya tara ta, sau da yawa da dare, bayan ya gyara tulin takardun aji guda.

Ga wata takardar lissafi da ɗiyar maƙwabcina ta kawo mini, ƴar turwaziyam. A sama an rubuta 9,5 bisa 20. Aiki huɗu ne, kuma rabon makinsu 4, 5, 5 da 6. Abin da na fara yi ke nan, na tara waɗannan na ga sun cika 20, don wani lokaci tun daga rabon ake samun giɓi. Sannan na rufe lambar sama da yatsa don kada ta ja hankalina, na kwashe ƙananan makin da ke gefen shafi zuwa wata takarda dabam, kowane aiki da layinsa. Na farko 1, 1 da 0,5, wato 2,5. Na biyu 1,5 da 1 da 0,5, wato 3. Na uku 2 da rabi-rabi har sau uku, wato 3,5. Na huɗu 1 da 0,5, wato 1,5. Jimla 10,5. Maki ɗaya ya salwanta, kuma zargina ya fi zuwa kan aiki na uku: rabi biyu na ƙarshe suna can ƙasan shafi, an rubuta su ƙanana, waƙafin ya kusa ɓacewa. Rabi da kwata su ne suka fi zamewa idan ana tarawa da ka.

Tarawa kaɗai ba ta isa ba. Sai a ɗauko takardar tambayoyi a bi ta lamba-lamba, kowace a nemi amsarta a ga ko jan biro ya taɓa ta. Akwai bambanci tsakanin amsar da aka ba sifili da wadda ba a gani ba. Ta farko za ka tarar da 0, ko gicciye, ko an ja layi a ƙarƙashi. Ta biyu fes take, ko ɗigo babu. Yarinyar nan takardarta ta cika, ta ƙara falle ɗaya a tsakiya, ta rubuta amsar tambayar ƙarshe mai maki 2 a bayansa. Mushe bai juya fallen ba. Da aka kai masa ya duba, ya ba ta 1,5, makinta ya koma 12. Ga wanda ya san 10 ce iyaka tsakanin samun mwayen da rasa ta, kuma lissafi darasi ne mai nauyin kwafisiyan, wannan tazarar tana iya shafar wucewa aji.

Sai dai yara su sani, wannan ba ƙofar ciniki ba ce. Idan mushe ya karanta amsa ya ba da 1 cikin 2, hukuncinsa ne, sake tarawa ba ta taɓa shi. Kuma lissafin yana iya fitowa ƙasa da abin da aka rubuta. Ni dai ra'ayina a faɗa, duk da na san ba kowane uba zai yarda da ni ba. Abu mafi haɗari shi ne yaro ya ɗora biro a kan takardar bayan an maido ta, ko da gyaran harafi ne. Da zarar malami ya ga sabon rubutu, zai yi zaton a gida aka ƙara amsar, kuma yana da hujja, tunda wasu suna yi.

Roƙona ga malamai shi ne su rubuta jimlar kowane aiki cikin da'ira a gefensa, su ja jan layi a duk filin da yaro ya bari babu rubutu, ta yadda babu mai cusa amsa daga baya. Ranar rabon takardu kuma a sa rabon maki a allo, a ba aji minti goma kowa ya tara nasa, biro a ajiye, kafin a shigar da maki cikin rajista. Idan ya riga ya shiga bilta, gyaransa sai an bi ta ofishin darakta, an sake lissafin mwayen da matsayin yaro a aji, kuma iyaye da yawa nan suke haƙura.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Unguwar Zariya, Maraɗi