Zuwa ga ƙanwata nas mai shirin ajiye aiki don komawa makaranta

"Anti, shekarata huɗu ina aikin nas a asibitin gwamnati. Na samu gurbin digiri a jami'a, za a fara karatu farkon Nuwamba. Me zan rubuta a takardar ajiye aiki?"

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Amma kafin ki ɗauki biro, kin nemi hutun ƙaro ilimi kuwa? Mai shekara huɗu, in dai an tabbatar mata da aiki, tana iya nema, ko da albashi ko babu. Ko marar albashin aka ba ki, kujerarki na nan tana jiranki. In da albashi ne, za ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki na wasu shekaru. Sai an hana ki duka biyun ake zancen ajiyewa.

To, in ta kai ga haka, ɗauko takardar da aka ɗauke ki aiki da ita ki duba wa'adin sanarwa. A aikin gwamnati galibi wata ɗaya ne, ko ki biya albashin wata a madadinsa. Ke nan ki miƙa kafin ranar 1 ga Oktoba, ki rubuta ƙarara cewa ranarki ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba. Kar ki ce "ƙarshen wata" ko "nan ba da daɗewa ba".

Takardar kanta ba ta wuce rabin shafi. Ki rubuta ta zuwa ga shugaban asibiti, ta hannun shugabar nas-nas, da cikakken sunanki, lambar fayil, matakin albashi da ɗakin da kike aiki. Dalili jimla ɗaya ya isa: kin samu gurbin karatu. Sai godiya, da alkawarin miƙa duk abin da ke hannunki. Na san akwai abin da ke cin ki, kwanan dare babu hutu, nas ɗaya a kan gadaje rututu. Haɗiye shi. Takardar nan fayil ɗinki za ta shiga, kuma daga fayil ɗin za a rubuta miki shaidar aiki wata rana.

Inda ni na yi tuntuɓe shi ne wajen miƙawa. Na ba mai kula da ɗakinmu tawa hannu da hannu, ta jefa a durowa, ta tafi hutun haihuwa. Ina makaranta aka kira ni wai na gudu daga aiki, albashin wata biyu kuma ya shigo, sai da na mayar. Don haka ki yi kwafi biyu, ki tsaya a ofishin karɓar takardu a buga wa naki hatimi da kwanan wata, ki adana shi tare da lasisinki.

Ranar ƙarshe kuma, kar ki bar makullin kabad ɗin magunguna masu tsauri a kan tebur ki wuce. Ku ƙirga kwalaben fetidin ɗaya bayan ɗaya ke da wadda za ta karɓa, ku duba sun yi daidai da rajista, ku sa hannu ku biyu.

Taki,
Antinki, tsohuwar nas