A matakin wahala, abokin gaba bai ƙara wayo ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na fasaha an rubuta cewa in ɗan wasa ya zaɓi matakin Hard a wasannin harbi, sojojin kwamfuta suna ƙara wayo. Ina neman a ba ni fili in yi gyara, domin a yawancin wasannin lambobi kawai ake canzawa, kuma wanda ya san lambobin ya san yadda zai yi wasansa.

A ɗauki Half-Life na kamfanin Valve, wanda ya fito a 1998. A cikinsa akwai fayil mai suna skill.cfg, kowa na iya buɗe shi ya karanta. Ga layukan da suka shafi jinin soja, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi:

```
sk_hgrunt_health1 "50"
sk_hgrunt_health2 "50"
sk_hgrunt_health3 "80"
```

Lambar ƙarshen kowane suna ita ce matakin: 1 mai sauƙi, 2 matsakaici, 3 mai wuya. Harsashin bindigar MP5 ta ɗan wasa yana cire 5 a kowane mataki. Wato a mataki mai sauƙi harsashi 10 a jiki ya kayar da soja, a mai wuya sai 16. Magazin mai cin harsashi 50 da zai ishe ka sojoji 5, yanzu 3 kawai zai kashe, shi ma in ba ka ɓarar da ko ɗaya ba.

Abin da mutane ba sa lura da shi, harsashin sojan ma ya ƙara zafi: 3 yake cirewa a mataki mai sauƙi, 4 a matsakaici, 5 a mai wuya. Waɗannan ƙari biyu ninka juna suke yi. Sojan ya daɗe a tsaye ninki 1.6, kuma duk tsawon lokacin kowane harbinsa ya fi na da ciwo da kusan ninki 1.7. In ka buga lissafin, jinin da za ka rasa a arangama guda ya haura ninki biyu da rabi. Sannan akwatin magani da ke ba ka 15 ya koma 10, na'urar magani ta bango ta sauka daga 50 zuwa 25. Shi ya sa yaro zai ga an ƙara wa soja 30 kacal ya raina, ya shiga ɗaki na biyu ya faɗi.

Doom na 1993 wata hanya ya bi, kuma a ganina ta fi adalci. Dodon da ake kira Imp jininsa 60 ne a dukkan matakai biyar. A mataki mafi sauƙi ana raba raunin da kake ji biyu, a ninka maka harsashi. A Ultra-Violence yawan dodanni ake ƙarawa. Sai a Nightmare suke ƙara sauri, kuma su tashi bayan an kashe su. Bindigarka dai ƙarfinta na nan, abin da hannunka ya saba da shi bai tashi a banza ba.

Batun iya saiti ya fi wuyar gani, domin kwamfuta ta san inda kake daram. Kuskuren harbi da gangan ake saka mata shi: a warwatsa harsashinta cikin wani kusurwa, a kuma jinkirta ta kafin ta danna kunama. A Counter-Strike umarnin bot_difficulty yana tafiya daga 0 zuwa 3, kuma yayin da lambar ke hawa, jinkirin yana raguwa, saitin yana matsewa, jinin kuwa 100 ne kamar na kowa. In aka wuce gona da iri sai a samu irin maharban Jackal na Halo 2 a matakin Legendary, masu kashe mutum da harbi ɗaya kafin ya ga inda suke. Nan haddace wurarensu kawai ke fid da kai, kuma ban ɗauki wannan a matsayin gwaninta ba.

Mai son sanin abin da wasansa ya canza, ya adana wasan a gaban abokin gaba ɗaya, ya ƙirga harsashin da ya kashe shi da bindiga ɗaya a jiki, ban da kai, don harbin kai ninki ne. Ya tsaya a fili ya ga nawa harbi guda ke cire masa, ya kuma lura ko daga nesa ana yawan kuskure shi. Sai ya maimaita a wani matakin. In jini aka ƙara, a tanadi harsashi a nemi kai. In zafin harbi ne, kada a rabu da maɓoya. In saiti ne, gudu a fili ba ya ceto, gara a raba su a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya daga bayan bango.

Ina roƙon masu sharhin wasanni a jaridarku su riƙa faɗa mana wanne daga cikin ukun nan wasa ya taɓa kafin su ce yana da wuya.

Naku,
Mai karanta shafinku na fasaha