Makulli a hannu ba shaida ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Asabar. Baƙonku ya ce in dillalin gidan haya ya nuna maka katin shaidarsa na Gana, kuma ya buɗe ɗakin da makullinsa, to ka saki jiki. Wallahi wanda ya damfare ni duka biyun ya yi.

Bara ina neman ciki da falo a Sawaba. Wani ya karɓi sidi 50 kuɗin zirga-zirga, ya kai ni wani gida, ya zaro makulli ya buɗe. Sabon fenti, har ƙamshi yake. Sidi 400 a wata, kuɗin shekara biyu gaba, 9,600 ke nan, ban da la'adarsa kashi goma cikin ɗari. Na ce ina mai gida? Ya ce yana Italiya, kuma gobe wani zai kawo kuɗi, in ina so in ba da rabi yau. Da na zo tura 4,800 ta MoMo, sunan mace ya fito a waya. Ya ce matarsa ce. Zuciyata ta yi ɗar, amma na danna.

Kwana uku na dawo da tsintsiya, na tarar da wani bawan Allah yana shara, shi ma ya biya. Mai sayar da koko a ƙofar gidan ta ce, "Ɗana, ai mai gidan yana nan Asawase, duk Juma'a yana zuwa. Wancan mai fenti aka ɗauka, shi ya sa makulli ke hannunsa." Tambaya ɗaya da na yi mata tun farko, da kuɗina na aljihuna.

Abin da ya kamata baƙonku ya faɗa ke nan. Dillalin gaskiya ba ya karɓar kuɗin haya. Shi dai ya zaunar da kai gaban mai gida, ka ƙirga kuɗi a hannun mai gidan gaban shaidu, a rubuta yarjejeniya da rasit, sannan ya karɓi la'adarsa. Wanda ya samo min inda nake yanzu, da kansa ya ce in koma ni kaɗai in tambayi 'yan hayan gidan wa suke biya. Sunan da suka faɗa shi ne ya fito a MoMo. Macuci kuwa ba ya barinka ka tsaya da maƙwabta, kullum sauri yake.

Kuma ko sau ɗaya baƙonku bai ambaci cewa dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba ba. Da ana bin ta, ai rabin da na tura bai wuce 1,200 ba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau tara na kira ranar, ba a ɗauka ba.

Mai sauraronku,
daga Aboabo, Kumasi