A riƙa nuna mana lissafin abin da ake yankewa a albashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a nan Maradi, albashina jika 150 kafin a cire komai. A watan jiya na ɗauki hutun kwana 3 ba albashi, na tafi Tasawa jinyar mahaifiyata. Da takardar albashi ta fito, na zauna bayan isha'i da biro da bayan ambulan na bi ta layi-layi.

Kuɗin hutun ban yi gardama a kansa ba. An raba jika 150 gida 30, kowace rana ta tashi jika 5, kwana uku jika 15, saura jika 135. Abin da ya tsayar da ni shi ne layin fansho. Rabon ma'aikaci a asusun CNSS kashi 5.25 cikin 100 ne na albashin da aka biya shi. A kan jika 135 ya kamata a cire sefa 7,088, amma a takardata 7,875 aka rubuta, wato an yi lissafi a kan jika 150, har da kuɗin da ban karɓa ba. Haraji ma daga cikakken albashin aka ɗauko shi. Wani zai ce sefa 787 ba abin tada jijiyar wuya ba ne. To, mu wajen arba'in ne a wurin, kuma yawancinmu jimillar ƙasa kawai muke dubawa mu ninke takarda.

Babban ciwon yana layin bashi. Na ci bashin jika 120 a wurin aiki da Babbar Salla, aka yi yarjejeniya a riƙa cire jika 20 wata shida. Wannan shi ne wata na bakwai, ga jika 20 ɗin nan zaune daram. Da na je wajen mai lissafinmu na ce, "Malam, bashin nan ai ya ƙare," sai ya buɗe na'ura muka gani tare: an shigar da ranar farawa, ba a shigar da ranar gamawa ba. Da ban ajiye takardun watanni shidan a leda ba, da ba ni da abin nunawa. Ya ba ni haƙuri, ya ce za a mayar mini a wata mai zuwa, amma kuɗin makarantar yara da na hatsi ba su jira ba.

Roƙona ga masu kamfanoni shi ne kowane layi ya nuna kuɗin da aka yi lissafi a kansa, layin bashi kuma ya nuna abin da ya rage. Ku kuma ina roƙo ku tattauna da sufeton aiki na jihar Maradi, ya bayyana mana da Hausa yadda ake lissafin harajin albashi da rangwamen masu iyali, domin an yi mini haihuwa bana kuma ban ga harajina ya motsa ba.

Wassalam.
Wani ma'aikaci, unguwar Zariya, Maradi