Wasiƙa zuwa Damagaram: jirgin kyaftin da bishiyar Diop

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙafar Inna? Shirun naka ya yi yawa, har Hajiya ta fara tambaya ko Badamagaren nan sarauta aka ba shi ya manta da iyayen gidansa na Kano. Na ce mata ta yi haƙuri, duk ranar da kilishinku ya gundure ka za ka nemi gurasa da kanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami gardama ce muka yi da abokin aikina Sarkin Musu a ɗakin malamai, kuma har yanzu tana cina. Ka san waƙar David Diop ta Afirka, wadda ke cikin littafinsa na 1956, kai da kake koyar da ita da Faransancinta. Wata ɗalibarmu mai ƙwazo ta rubuta cewa bishiyar da ke ƙarshen waƙar Afirka ce, saiwoyinta sarakunan gargajiya, rassanta ƙasashe, fararen furannin da suka yi yaushi Turawan mulkin mallaka, 'ya'yanta masu ɗaci kuwa juyin mulkin soja. Mutuminka ya ba ta cikakken maki yana ta yabo. Ni na ce a tsaya tukuna. Yarinyar ta ɗauki alama ta karanta ta kamar doguwar siffantawa, wato irin waƙar da manyan gaɓoɓinta kowace ke tsaye a madadin wani abu takamaimai, kuma idan muka bar ta a haka, duk bishiyar da ta gani a waƙa nan gaba sai ta mayar da ita taswirar siyasa.

Da ya ƙi ji, sai na ɗauko masa waƙar da Walt Whitman ya yi a 1865, ta kyaftin ɗin jirgin ruwa, don ya ga yadda ta gaskiyar take. Baiti uku ne. Jirgi ya dawo daga tafiya mai ban tsoro, ya tsallake guguwa, an samo abin da aka fita nema. Tasha ta kusa, ana buga ƙararrawa, jama'a sun cika gaɓa da tutoci da furanni. Amma kyaftin yana kwance a kan jirgin cikin jini, jikinsa ya yi sanyi. Mai waƙar yana kiransa baba, yana tallafe kansa, yana roƙonsa ya tashi ya ji murnar da ake yi dominsa. Babu sunan Lincoln, shugaban Amurka na lokacin, ko sau ɗaya a ciki. Duk da haka jera su ka gani: jirgin Amurka ce, tafiyar yaƙin basasa ne na 1861 zuwa 1865, abin da aka samo ɗorewar ƙasar a dunƙule, kyaftin kuwa Lincoln. Janar Lee na 'yan tawayen kudu ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu, aka harbi Lincoln ranar 14, ya cika washegari. Ka ga har jerin abubuwan ya dace, nasara ta fara zuwa, mutuwa ta biyo ta tun murna ba ta huce ba. Kamar rigar da tela ya ɗinka da awon mutum ɗaya ce, wuya ya zauna, hannu ya zauna, tsawo ya zauna, ba sai an ja wani wuri ba.

Ko a nan ma akwai iyaka, na kuwa faɗa masa. Lincoln a gidan wasan kwaikwayo aka harbe shi, Whitman kuma bai tallafi kansa ba. Wanda ya nace sai ya gano wane minista ne ƙararrawa, wane janar ne anga, ya wuce gona da iri. Manyan gaɓoɓin ne suke da abokan tafiya a tarihi, ƙananan suna nan ne don jirgin ya zama jirgi a idon mai karatu.

Af, kafin na manta, ƙanen mutumin nan na Fagge ya yi aure, kuma da wadda kake zato ɗin. An ci tuwo, an tambaye ka, na kare ka iyakar iyawata. Hajiya ta ajiye maka goronka, ta ce ko ya bushe sai ka ci.

To, koma kan Diop. Abin da ya ruɗi Sarkin Musu shi ne waƙar da bakinta ta ce bishiyar Afirka ce. Gaskiya ne, muryar nan mai nauyi da ta amsa wa mai waƙar haka ta ce masa. Amma me aka faɗa game da bishiyar? Matashiya ce mai ƙarfi, tana tsaye can ita kaɗai a tsakiyar fararen furanni masu yaushi, tana sake tofowa cikin haƙuri da naci, 'ya'yanta suna ɗaukar ɗacin 'yanci sannu a hankali. Shi ke nan. Babu saiwa a waƙar, babu reshe. Yarinyar ce ta dasa su don ta sami inda za ta rataya sarakuna da ƙasashe. Wannan ita ce hanya ta farko da nake gane karatu ya kauce: mai sharhi ya fara kawo kayan da ba su cikin baiti.

Ta biyu kwanan wata ne. Littafin ya fito kafin Gana ta sami 'yanci a 1957, kafin Gini a 1958, inda shi Diop ya je ya koyar. Ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Dakar a watan Agustan 1960. Juyin mulkin Togo na 1963 da namu na 1966 bai gan su ba. Ta yaya ɗacin zai zama sunan ɓoye na abin da bai faru ba tukuna?

Sai dai a nan ne zuciyata take tare da yarinyar, shi ya sa na kasa barin maganar. Ɗacin da ta ji ba ƙarya ba ne. Baitocin da suka gabaci bishiyar suna maganar gadon baya da ya sunkuya, mai jajayen tabo, yana cewa to ga bulala a tsakar rana. Don haka ɗacin yana iya zama jinin da za a biya kafin a sami 'yanci. Yana iya zama nauyin da ke biyo bayansa. Yana iya zama na shi kansa mawaƙin, wanda aka haifa a Bordeaux a 1927, yake cewa bai taɓa sanin Afirka ba sai ta waƙar kakarsa. Kalmar tana riƙe da waɗannan duka a lokaci guda, ba ta zaɓi ɗaya ba, har ta bar wuri ga abin da mu muka ɗanɗana daga baya. Aikin alama ke nan. Kyaftin ɗin Whitman da ka ce Lincoln ka gama da shi, bishiyar Diop kuwa bayan an ce Afirka ne ma tambayoyi suke farawa. Fararen furannin na yarda a ce Turawa, launin da yaushin suna goyon bayan haka, amma abu ɗaya da ya dace ba ya mayar da waƙa duka ta zama doguwar siffantawa.

Abin da na roƙa a yi shi ne a rage mata kaɗan a kan saiwa da rassa, a kira ta a nuna mata bambancin cewa "Diop yana nufin juyin mulki" da cewa "mu da muka ga juyin mulki muna jin wannan ɗacin fiye da yadda ya zata". Jimla ta biyu zan ba ta maki da hannu biyu. Sarkin Musu ya ce wannan tsaga gashi ne, yaran jarrabawa ke gabansu, amsa ɗaya suke so su haddace. Ni kuma wannan haddar ce take tayar mini da hankali, don yarinya mai kunne irin nata bai kamata a koya mata cewa waƙa kacici-kacici ce ba.

Akwai abin da na so tambayarka tun farko game da naku ɗaliban, zai zo a wasiƙa ta gaba. Yanzu dai ka kwafo mini baitocin ƙarshen nan da Faransanci, da hannunka, ka ba direban nan namu da ke zuwa ta Daura. Ka haɗo da kilishin, mai yaji, ba irin na bara ba. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata man zafin yana tafe.

Naka har kullum,
Amininka na Kano